Darasi na Tara: Haɗa Matacin Twin-T Don Cire Ƙugin Wutar Lantarki Daga Saƙon Sensa

Wutar da ke shigowa gidajenmu da masana'antunmu a Kano tana kai da komo sau 50 a kowace daƙiƙa, abin da ake rubutawa 50 Hz. Duk wayar da ke ɗauke da wannan wuta tana shafar wayoyin da ke kwance kusa da ita ko da ba su taɓa juna ba, shi ya sa lasifikar masallaci ko ta wurin biki kan yi ƙugi idan aka ja wayar makirfo tare da wayar wuta. Ƙugin nan shi ne yake shiga wayar sensa, sai dai a can ba a jin sa da kunne, ana ganin sa ne a lambobin da ke rawa a fuskar na'ura.

Bari mu ɗauki wani ƙaramin kamfanin ruwan leda a Sharaɗa wanda ya ɗaura sensar auna ƙarfin turin ruwa a bututun famfo. Sensar tana ba da 0.5 V idan babu turi, tana ba da 4.5 V idan turi ya kai ba 10. Ba, wanda ake rubutawa bar, shi ne ma'aunin ƙarfin turi, kuma a nan kowane ba ɗaya yana daidai da 0.4 V. Wayarta ta yi tafiyar mita ashirin a gefen wayar moto kafin ta isa allon sarrafawa, kuma da aka auna sai aka tarar ta kwaso ƙugi mai girman 200 mV. Rabin ba ke nan na ƙarya, wanda ya isa ya sa allon ya riƙa kashe famfo yana kunnawa ba gaira ba dalili.

Kafin a sayi komai, a fara raba wayar sensa da wayar moto, a yi amfani da waya mai murɗaɗɗun zare biyu da rigar ƙarfe, a haɗa rigar da layin ƙasa a gefen allo kaɗai. Abin da ya rage bayan haka shi ne aikin mataci. Da zafin ɗaki ake aunawa, da rizisto ɗaya da kafasito ɗaya sun wadatar, domin zafi ba ya sauyawa da sauri. Amma turin ruwa yana faɗuwa farat ɗaya idan bututu ya fashe ko famfo ya ja iska, kuma irin wancan mataci mai sauƙi, idan har ana so ya rage 50 Hz sau ɗari, dole ne ya fara danne duk abin da ya wuce 0.5 Hz, sai allon ya makara wajen ganin matsalar. Matacin Twin-T yana haƙa rami ne a daidai 50 Hz, ya bar sauye-sauyen da ke ƙasa da wurin su wuce.

An sa masa wannan suna ne domin hanyoyi biyu gare shi, kowacce da siffar harafin T, kuma dukansu sun tashi daga mashiga ɗaya sun ƙare a mafita ɗaya. A hanya ta farko, rizisto biyu masu ƙima ɗaya suna jere ɗaya bayan ɗaya, daga tsakiyarsu kuma kafasito ya sauka zuwa layin ƙasa. A hanya ta biyu an juya tsarin: kafasito biyu ne a jere, rizisto ya sauka daga tsakiyarsu zuwa ƙasa. Hanya ta farko tana jinkirta saƙo, ta biyu tana gaggauta shi, kuma akwai mita guda ɗaya tak, wato adadin Hz ɗaya, inda abin da ya fito daga hanyoyin biyu yake zama daidai a girma amma kishiyar juna, ɗaya na hawa ɗaya na sauka, sai su kashe juna a mafita. Ana samun wannan wuri da lissafi kamar haka, inda R ke nufin ƙimar kowane rizisto na jere, C kuma ƙimar kowane kafasito na jere:

```
f = 1 / (2 × π × R × C)
R = 68 kΩ, C = 47 nF
f = 1 / (6.283 × 68000 × 0.000000047) = 49.8 Hz
```

Sharaɗin shi ne kafasiton da ya sauka ƙasa ya zama ninkin C sau biyu, wato 94 nF, riziston da ya sauka ƙasa kuma ya zama rabin R, wato 34 kΩ. Ba za ku sami waɗannan ƙimomi a shago ba, kuma kada ku yarda a ba ku 100 nF da 33 kΩ a ce ai kusan ɗaya ne, domin wannan ɗan bambanci shi ne yake cike ramin. Dabarar ita ce a haɗa kafasito biyu na 47 nF kafaɗa da kafaɗa, ƙafa da ƙafa, su ba da 94 nF, a haɗa rizisto biyu na 68 kΩ haka nan su ba da 34 kΩ. Saboda haka abin da za ku nema a Kasuwar Sabon Gari rizisto huɗu ne iri ɗaya da kafasito huɗu iri ɗaya. Riziston ya zama mai kuskuren kashi ɗaya cikin ɗari, wanda launukansa biyar su ne shuɗi, ruwan toka, baƙi, ja da ruwan ƙasa. Kafasiton ya zama na leda, wanda aka rubuta 473 a jikinsa, ba ɗan faifan nan na yumɓu ba, domin na yumɓu masu wannan girma ƙimarsu tana sauyawa da zafi, kuma kun san yadda akwatin ƙarfe yake zama a watan Afrilu.

A nan ne ya kamata a ba aikin lokaci. Kafasiton leda na kasuwa yakan kauce wa abin da aka rubuta masa da kashi biyar ko goma cikin ɗari, alhali zurfin ramin ya dogara ne kacokan ga yadda ɓangarorin suka yi daidai da juna. Ku sayi goma sha biyu ko fiye, ku sa mitarku a wurin auna kafasito, ku auna su ɗaya bayan ɗaya kuna rubuta sakamakon a takarda kuna ɗora kowanne a kan lambarsa. Kada ku riƙe ƙafafun da yatsu lokacin awo. Idan kun sami huɗu da suka nuna 46.6, 46.8, 46.9 da 47.0, su za ku ɗauka, ku ajiye wanda ya nuna 44 ko 50 don wani aikin. Da kayan da aka tsince haka, a sa ran ƙugi zai ragu kusan sau ɗari, wato 200 mV ɗin Sharaɗa ya koma wajen 2 mV.

Mataci ba ya jure a ja wuta daga mafitarsa. Saƙon sensa yana ratsa rizisto biyu, jimilla 136 kΩ, don haka idan aka jona shi kai tsaye da abin da juriyarsa 10 kΩ ce, kashi bakwai cikin ɗari kawai na saƙon zai tsira. Maganin shi ne a tsare shi gaba da baya da aisi mai lamba MCP6002, wadda ke ɗauke da amfilifaya biyu kuma take aiki da 5 V. Ƙafa ta 8 ta tafi 5 V, ta 4 ta tafi ƙasa, a sa kafasito na 100 nF tsakaninsu dab da aisin. Wayar sensa ta shiga ƙafa ta 3, a haɗe ta 1 da ta 2 su zama mashigar mataci. Mafitar mataci ta shiga ƙafa ta 5, a haɗe ta 6 da ta 7 su tafi allon sarrafawa. Mai shago zai iya miƙo muku LM358 tunda ƙafafunsu ɗaya ne, amma a kan 5 V ita ba ta iya fitar da fiye da kusan 3.5 V, sai awon ya tsaya cak a wajen ba bakwai da rabi komai ƙaruwar turi.

Gwaji kuwa ba a yin sa da soket ko kaɗan. A sauke manhajar fitar da sauti a wayar hannu, a ɗauki saƙo daga ramin abin sa wa kunne zuwa mashigar matacin kansa kafin a dasa aisi, a sa mita a awon AC na mV a mafita. A fara daga 45 Hz ana ƙarawa ɗaya ɗaya zuwa 55 Hz. Lambar za ta yi ta sauka, ta kai ƙarshen ƙanƙanta tsakanin 49 da 51, sannan ta sake hawa. Idan ramin ya faɗa a wurinsa amma bai yi zurfi ba, kayan ne ba su daidaita ba, ko an manta ɗaya daga cikin tagwayen da ke sauka ƙasa. Idan ya faɗa wajen 60 Hz, an kwafi ƙimomi ne daga zanen da aka yi don Amurka, inda wuta take 60 Hz, kuma irin wannan a nan sau goma sha ɗaya kawai zai rage ƙugi.

Ramin wannan mataci yana da faɗi ƙwarai. Saƙon da ke sauyawa sau ɗaya a daƙiƙa yana wucewa kusan cif, na 5 Hz yana wucewa da kashi 93 cikin ɗari, na 10 Hz kuwa da kashi 77 kawai. Littattafai da yawa suna ganin faɗin nan aibi ne, suna koyar da a cire mahaɗar da ke sauka ƙasa a mayar mata da kashi tara cikin goma na saƙon mafita ta wata amfilifaya, domin ramin ya tsuke sau goma. Ni ban ba ku shawarar yin haka a Kano ba sai da dalili mai ƙarfi. Wutar layi ba ta zama daram a 50 Hz, janareto kuma ya fi ta yawo, musamman lokacin da babban moto ya tashi ko ya tsaya. A ce janareton kamfanin yana gudu a 52 Hz. Mataci mai faɗi zai bar wajen 4 mV daga cikin 200 mV, wato kashi ɗaya cikin ɗari na ba. Wanda aka tsuke zai bar fiye da 40 mV, domin ƙugin ya riga ya fita daga cikin ramin. Tsukewa tana da amfani ne kawai inda saƙon da ake buƙata yake kusa da 50 Hz, kamar sensar girgizar inji da ke aiki a 30 ko 40 Hz.

Wani lokaci kuma za a dasa mataci mai kyau amma lambobi su ci gaba da rawa, sai a nemi mitar abin da ya rage da mita mai awon Hz ko na'urar nuna siffar saƙo. Idan 100 Hz ne, daga abin da ke ba sensa wuta yake fitowa, galibi babban kafasitonsa ne ya bushe ko ya kumbura, kuma matacinmu yana barin fiye da sulusin 100 Hz ya wuce. Idan 150 Hz ne ko sama, to siffar wutar ce ta lalace, kamar yadda ake gani da wasu ƙananan infata masu araha, kuma a nan fiye da rabi ne yake wucewa. Na farko ana gyara shi da sauya kafasiton, na biyu kuma da ƙara rizisto na 10 kΩ bayan ƙafa ta 7 da kafasito na 1 µF daga bayansa zuwa ƙasa, wanda zai rage 150 Hz kusan sau tara ba tare da ya taɓa saƙon turin ruwa sosai ba.