Yadda Ake Rubuta Ɓ, Ɗ, Ƙ da Ƴ a Waya Ba Tare da Kibod Ya Sauya Maka Su Ba

Yawancin waɗanda suke kawo min wayoyinsu suna kukan wai ba ta da haruffa masu ƙugiya, idan na duba sai in tarar da kibod ɗin Turanci suke rubuta Hausa. Wannan kibod ɗin bai san ƙ ba, kuma duk kalmar Hausar da ya gani a wurinsa kuskuren Turanci ce da ya kamata ya gyara. Saboda haka kafin ka taɓa komai, ka sa wa wayar kibod ɗin Hausa.

Ni Gboard nake sa wa kowa a Android, shi kuma zan yi bayani a kai. Wayoyi da yawa da shi suke zuwa. In taka Samsung ce, ko wata da ta zo da nata kibod mai tarin hotuna da talla, ka sauke Gboard daga Play Store. Kyauta ne, datar saukewa kawai za ka ƙona. Kada ka ba kowa kuɗi a kasuwar waya wai ya saka maka Hausa.

Buɗe inda za ka yi rubutu, ka taɓa alamar saiti da ke saman kibod, sannan ka bi nan:

```
Languages > Add keyboard > Hausa > Done
```

Yanzu ka danne dogon madannin tazara ka riƙe, jerin harsuna zai fito, ka zaɓi Hausa. Ka tabbata sunan Hausa ne yake rubuce a kan madannin. Daga nan sai ka danne b ka ɗan riƙe, ɓ za ta leƙo a sama, ka ja yatsa zuwa kanta ka saki. Haka d take ba da ɗ, k ta ba da ƙ, y ta ba da ƴ. Babban baƙi kuwa, ka fara taɓa kibiyar sama tukuna, sannan ka danne harafin, sai Ɓ, Ɗ, Ƙ ko Ƴ ta fito. Masu koyo sukan saki yatsa da wuri, sai k zalla ta faɗo, su ce abin ba ya aiki. In jiran ne yake damunka, akwai Key long press delay a cikin Preferences, wanda yake zuwa a kan 300ms. Ka rage shi kaɗan, amma kada ka kai shi ƙarshe, don haruffa za su riƙa tsalle maka ko ba ka neme su ba.

Maganar ƴ: a rubutun Nijar ita ake amfani da ita, a Najeriya kuma 'y aka saba, kamar a 'ya'ya da 'yan'uwa. Ka zaɓi ɗaya ka tsaya a kanta, kada rabin rubutu ya zo da wannan rabi da waccan.

To, ga inda kusan kowa yake tuntuɓe. Mutum ya saka Hausa, ya ga ƙ ta fito, ya yi murna. Washegari ya rubuta "Baƙi sun ƙaru a ɗakin taro", ya aika, sai ya duba ya ga "Baki sun karu a dakin taro". Ya san ya danna ƙ da hannunsa, amma da ya taɓa tazara sai kibod ya cire mata ƙugiya. Abubuwa biyu ne suke jawo haka, kuma sai ka magance su duka.

Na farko, Gboard yakan haɗa harsuna biyu a kibod ɗaya. Idan ka koma Languages ka taɓa Hausa, ka duba ko akwai Multilingual typing a kunne da Turanci a ƙarƙashinsa. In yana nan, kashe shi. Muddin yana kunne, ƙamus ɗin Turanci yana nan yana leƙen abin da kake rubutawa, shi ne zai raba maka "ina" gida biyu ko ya mayar da kalmar Hausa wata ta Turanci mai kama da ita. Gara ka riƙa sauya harshe da madannin tazara duk lokacin da za ka yi Turanci.

Na biyu ya fi wuyar ganewa. Kibod yana koyo daga hannunka. Shekara da shekaru kana rubuta kasa, daki, kofa, baki, ya haddace su a haka, har ya ɗauka su ne daidai. Ranar da ka fara rubuta ƙofa, sai ya ga baƙuwar kalma, ya mayar da ita wadda ya saba gani. Alamar da za ka gane da ita ke nan: kana rubuta kalma mai ƙugiya, ka duba layin shawarwari da ke saman kibod, in ka ga marar ƙugiyar a tsakiya, ita zai jefa maka da zarar ka taɓa tazara. Ka danne ta ka riƙe, kwandon shara zai bayyana, ka ja ta ka jefa. Sai dai wannan ba zai yi maka aiki a kan kalma irin baki ba, domin baki kalma ce mai zaman kanta, baƙi ma haka, kuma waya ba ta da hanyar sanin wacce kake nufi. Shi ya sa ni hukuncina ɗaya ne, a kashe gyaran gaba ɗaya:

```
Text correction > Auto-correction
```

Ka kashe wannan kaɗai. Ka bar Show suggestion strip a kunne, domin shawarwarin suna rage wahala, kuma yanzu ba za su shiga rubutunka ba sai ka taɓa su da kanka. Wanda ya nace sai ya bar gyaran saboda Turancinsa, to ya kunna Undo auto-correct on backspace, ta yadda in an sauya masa kalma, danna madannin gogewa sau ɗaya zai dawo da abin da ya rubuta. Amma sai idonsa ya kama kafin ya wuce, kuma mai sauri ba ya kamawa.

In tsofaffin kalmomin sun yi yawa, ka nemi Delete learned words and data a cikin saitin, yana ƙarƙashin Privacy ko Advanced, ya danganta da sabuntar manhajar. Zai nuna maka lamba ya ce ka rubuta ta don tabbatarwa. Ka sani har sunayen mutanenka da ya koya za su tafi. Bayan nan ka shiga Dictionary, Personal dictionary, Hausa, ka taɓa alamar +, ka zuba kalmomin da ka fi yawan rubutawa da ƙugiyarsu: ƙwarai, ɗalibi, haɗuwa, ɓangare, da sunaye irin su Ɗanladi da Ƙanƙara.

Wani abu da ya shafi aljihu: saƙon tes na layi yana ɗaukar haruffa 160, amma ƙ guda ɗaya tak in ta shiga, sai ya koma 70, domin waɗannan haruffan ba sa cikin jerin da aka tsara wa tes tun farko. Saƙon da ka saba biyan kuɗin ɗaya zai iya zama biyu ko uku. WhatsApp da Facebook ba ruwansu da wannan. Kada kuma ka sa harafi mai ƙugiya a kalmar sirri, don ranar da ka zauna gaban kwamfutar da ba ta da Hausa za ka rasa yadda za ka shiga.

In ka rubuta ɗ ka ga ɗan akwati a wurinta, ko ta fito da siffa dabam da sauran haruffa, laifin salon rubutun ado ne da aka sa wa wayar. Ka mayar da shi na asali.

Masu iPhone, daga iOS 17 akwai Hausa a cikin wayar: Settings, General, Keyboard, Keyboards, Add New Keyboard. A shafin Keyboard ɗin nan ne kuma za ku kashe Auto-Correction.