Yadda zaka kulle sabon imel ɗinka kar layin waya ya ja maka asara

Ka buɗe sabon Gmail a wayarka, to kafin ka fara rabawa mutane adireshin akwai aiki biyu da ya kamata ka gama yau ɗin nan.

Na farko kalmar sirri. Google yana karɓar harafi 8, amma ni bana yarda da ƙasa da 12. Kuma don Allah a bar saka lambar waya ko sunan yaro da shekarar haihuwa, duk wanda ya sanka a unguwa zai iya cankarsa. Ka haɗa kalmomi huɗu da basu da dangantaka da juna, ka cusa lamba da alama a tsakani, kamar haka:

```
Kilishi7-tagar-Benuwe!jaki
```

Wannan misali ne kawai, kar ka kwafa. Ka rubuta taka a takarda ka ajiye a gida inda kake ɓoye takardun makaranta, kuma kar ka maimaita ta a Facebook, domin in aka sace ta can to da ita za'a zo a gwada imel ɗin.

Na biyu shine tabbaci mai mataki biyu, wato bayan kalmar sirri sai an ƙara wata lamba mai guda 6 kafin ƙofa ta buɗe. Ka shiga myaccount.google.com, mu da wayoyinmu ke Faransanci zaka ga Sécurité, ka taɓa, sai Validation en deux étapes. Zai nemi kalmar sirrin, sannan ka saka lambarka da +237 a gaba in kana Kamaru, +235 in kana Cadi, saƙo zai shigo da lambar ka rubuta ka kunna.

Anan ne mutane suke tsayawa kuma anan matsalar take. Ɗan kasuwa ya tashi daga Garwa ya tsallaka Kuseri zuwa Njamena, ya cire layin Kamaru ya saka na Cadi, ya ari kwamfuta zai buɗe imel, lambar kuwa ta tafi wancan layin da baya samun sabis ko ma ya ɓace a mota, shikenan yana kallon akwatinsa ba hanyar shiga. Shi yasa a wannan shafin dai ka nemi Codes de secours, zai baka lambobi 10 da zaka saka a madadin lambar saƙo, kowacce sau ɗaya take aiki, ka kwafe su da biro a takarda. Kar ka ɗauki hotonsu a wayar, in an sace wayar ai an tafi da su.

Sai ka sauke manhajar Google Authenticator ka haɗa shi ta wannan shafin. Shi yana fitar da sabuwar lamba duk daƙiƙa 30 ko ba data ko ba layi. In kaga ana ta ƙin karɓar lambar, yawanci agogon wayar ne ya kauce, ka maida shi ya riƙa saita kansa.

Kuma duk wanda ya kira ka yace ka karanto masa lambar da ta shigo, ko da yace daga Google yake, kashe wayar kawai. Haka in tambaya ta fito a allo wai kai ne kake ƙoƙarin shiga alhali kana zaune kana shan shayi, danna Non ka canza kalmar sirri nan take.