Kurakuran da manajojin otal ke yi wajen mayar wa baƙon da ya caccake su amsa

Na gaji da ganin sabbin manajoji suna maimaita wautar da na tafka a shekarata ta farko, wato mayar da martani rai a ɓace.

Wani baƙo ne ya ba mu tauraro ɗaya a Google. Ya ce na'urar sanyaya ɗakinsa ta mutu, ya kira masu karɓar baƙi sau biyu ba wanda ya leƙo, ya rufe da cewa duk mayaudara ne mu. Da sha ɗayan dare na gani, nan take na rubuta cewa ƙarya yake yi. Don in kafa hujja har na ambaci lambar ɗakinsa da ranar da ya sauka da rangwamen da ya roƙa. Da gari ya waye na buɗe littafin ƙorafi, sai ga kiransa biyu a rubuce, ƙarfe tara da ƙarfe goma da rabi, mai gyara bai je ba. Na goge amsar, amma ya riga ya ɗauki hotonta ya yaɗa. Wani kamfani da ke sauke ma'aikatansa a wurinmu ya janye, kuma ba don na'urar ba: cewa suka yi otal ɗin da ke tona asirin baƙo ba wurin kwana ba ne.

Tun daga ranar ba na amsawa sai ƙorafin ya kwana. Ina duba littafi, in tambayi wanda ke bakin aiki a daren, sannan in rubuta gajeren abu kamar haka:

"Mun gode da ka sanar da mu. Na bincika, gaskiya ne ka kira sau biyu ba a zo ba, kuma ya kamata a sauya maka ɗaki a daren. Laifinmu ne, ka yi haƙuri. An gyara na'urar, yanzu kuma akwai mai gyara da ke kwana a otal. Don Allah ka neme ni ta lambar ofis."

Zagin "mayaudara" ban ko taɓa shi ba. Masu neman masauki ne za su karanta, su kuwa abin da aka gyara suke dubawa.

Ku kuma masu kwafo amsa ɗaya kuna liƙa wa kowa, "muna baƙin cikin abin da ya faru", haba! Mai karatu ya ga jimla ɗaya sau goma ya san ba wanda ya karanta ƙorafin. Idan kuma baƙon ne ya yi kuskure, faɗi abin da littafi ya nuna sau ɗaya cikin ladabi, ka tsaya nan.

Kada ka ce an gyara abin da ba a gyara ba, baƙo na gaba zai ƙaryata ka. Kada ka kama sunan ma'aikaci. Tayin kwana kyauta ni a waya nake yin sa, domin ranar da na rubuta shi a fili, ƙorafe-ƙorafe uku suka biyo baya cikin mako guda, kowanne yana neman nasa.