Babi na Huɗu: Mai da Ruwan Tsohuwar Motar da Ta Daɗe a Ajiye

Kafin komai, ku zare makullin motar ku sa a aljihu. Nan ne yawancin masu koyo ke tuntuɓe: suna ɗaura sabon batir sai hannu ya kai ga makulli, wai su ji ko za ta tashi. Kada ku murɗa makulli. A hankali za mu bi, ba wuya.

Darasi na 1: Fetur

Mu ɗauki mota mai silinda huɗu da kafireto, wadda ta shekara bakwai ba a tayar ba. Ku buɗe murfin tanki ku shinshina. Fetur ɗin da ya tsufa warin tsohon fenti yake yi, launinsa kuma ya koma ja-ja kamar ruwan shayi. Abin da ke sa shi saurin kama wuta ya riga ya bi iska, sauran ya zama danƙo. Idan aka murɗa makulli, famfon mai zai tura danƙon nan cikin kafireto ya toshe ƙananan ƙofofinsa. Kun ga dalili? Kada ku murɗa makulli.

Wannan fetur zubarwa ake yi gaba ɗaya, ba a ƙara sabo a kansa. Ku zuƙe shi da famfon hannu zuwa cikin jarka, a fili, nesa da wuta da taba. Ba da baki ake zuƙa ba. Ku zuba kaɗan a kwalba mai haske ku ajiye. Idan kun ga wani abu ya kwanta a ƙasa, ruwa ne, don ya fi fetur nauyi. Idan kun ga jan gari, tsatsa ce, sai an sauke tankin an wanke. Ku sauya filtar fetur da duk tiyon roba da ya tsattsage.

Darasi na 2: Baƙin mai

Ina makulli? Yana aljihu. Madalla.

Ku sa kwano mai cin lita shida a ƙarƙashin injin, ku kwance notin da ke gindinsa. Mai sanyi ne, zai sauko a hankali, ku ba shi kamar awa ɗaya. Ku lura da abin da ya fara fitowa. Idan ya yi fari-fari kamar an dama shi da madara, ruwa ya shiga cikinsa, ku kira makanike ya duba gasket.

Ku mayar da notin ku ɗaure. Na ce ku mayar da notin tun kafin ku zuba sabon mai. Ku sa sabuwar filta, bayan kun shafa ɗan mai a robarta. Irin wannan injin yakan ci lita huɗu zuwa biyar, kuma tsofaffin injuna da yawa 20W-50 suke sha, amma ku duba littafin motar. Ku zaro sandar awo, ku goge, ku mayar, ku sake zarowa. Mai ya tsaya tsakanin zane biyun da ke jikinta.

An gama? Ba a gama ba. Kada ku murɗa makulli. Man da ke jikin silinda ya tsiyaye tun shekarun baya, ƙarfe ne kan ƙarfe. Ku cire fulogi huɗun, ku zuba cokali ɗaya na mai a kowane rami, ku bari ya kwana. Washegari ku juya injin da sifana, da hannu. In ya cije, ku ƙara mai ku jira, ban da ƙarfi. Sau nawa za a faɗa? Wanda ya yi gaggawa a nan, zoben fistin zai karya, sai sauke injin.

Darasi na 3: Man birki

Man birki yana shan danshin iska, shi ya sa tsoho ke tsatsar da bututu, yake kuma tafasa idan birki ya yi zafi. Sauyawa ake yi duka. Ku karanta murfin: DOT 3 ko DOT 4. Ba a haɗa su da DOT 5. Wasu tsofaffin Citroën koren mai suke sha mai suna LHM, ba wannan ba. Ku fitar da tsohon ta kowace ƙafa, ku fara da wadda ta fi nisa da tukunyar man, har sabo ya fito babu kumfa.

Darasi na 4: Ruwan lagireto

Ku zubar, ku ɗauraye har ruwa ya fito fes, ku cika da rabi ruwa rabi maganin lagireto. Tsohuwar Volkswagen Beetle ba ta da lagireto, iska ke sanyaya ta.

Darasi na 5: Man giya

Ku kwance notin cikawa da ke gefen akwatin giya. Mai ya kai bakin ramin. In bai kai ba, ku ƙara. In da ruwa a ciki, ku sauya.

Sai an bi biyar ɗin nan ake fito da makulli.