Yadda ake ɗame mayafin saƙa mai huji-huji da fil

Mayafi mai kusurwa uku idan ya sauka daga tsinken saƙa, a cukuikuye yake fitowa. Sai an jiƙa an ɗame shi adon zai buɗe. Amma fara duba zarenki. Ulu na gaske, na gashin tumaki, shi ne ke riƙe siffar da ya bushe a kai. Yawancin zaren da ake kira ulu a kasuwanninmu na roba ne, shi kuwa sai an kafe shi an tura masa tururin dutsen guga daga nesa, don idan ƙarfen ya taɓa shi narkewa zai yi.

Jiƙa mayafin minti 20 zuwa 30 a ruwa mai ɗan ɗumi. Kada ki murɗe shi. Naɗe shi cikin tawul, ki danna har ya daina ɗiga, sannan ki shimfiɗa a kan katifar da aka rufe da zanin gado.

Inda masu koyo ke ɓata aiki shi ne dogon gefen sama. Sai su jera masa fil, kowane fil ya ja nasa wurin, tsakaninsu ya lotsa, ya bushe kamar bakin zarto. Ƙara fil ba ya magance wannan. Zura zaren auduga mai ƙarfi a allura, ki bi gefen kaf, kina shiga kina fita kusan kowace santimita 2. Ɗaure bakin zaren biyu a fil, ki ja shi ya yi tsam, sai ki kafa fil a jikin zaren ta ciki domin su tare shi. Akwai siraran wayoyi da ake sayarwa don wannan aiki, amma ni ban ga abin da suka fi zare ba sai tsada.

Daga nan nemo tsakiyar gefen, ki ja tsinin ƙasa ya sauka daidai saitinta, ki kafe. A ce faɗin ya kai santimita 160: tef ɗin awo ya nuna 80 dama, 80 hagu. Sauran tsinayen adon da ke gefen dama da na hagu kuwa bibbiyu ake kafe su, ɗaya dama, takwaransa hagu, ana aunawa. Wadda ta gama ɓangare guda tukuna, layin tsakiya zai karkace mata. Fil ɗaya ga kowane tsini, kansa a kishingiɗe zuwa waje, kuma wanda ba ya tsatsa, domin tabonta ba ya fita. A zagayen farko ja kaɗan, a na biyu ki ƙara har hujin su buɗe. Idan tsini ya ƙi fitowa, gefen ya yi tauri, rufin saƙar ne ya matse. Ja ba zai gyara ba, sai an warware layin ƙarshe an sake shi sakwa-sakwa.

Kunna fanka, ki bar shi a inuwa ya bushe ƙayau kafin ki zare fil. Jelar zaren da kika ɓoye, sai yanzu za ki datse.