Kuɗin Umma sun maƙale kwana huɗu

Na tura wa Umma kuɗi daga Kumasi zuwa Kano, kwana huɗu shiru, ga maganinta ya kusa ƙarewa. Na fara zargin netwok, sannan lambar asusu. Na duba, lamba goma cif.

Ashe suna ne. Na rubuta Hajiya Umma, banki kuwa sunan da ke kan BVN ɗinta ya sani.

Na daina kiran waya, na rubuta wa kamfanin tura kuɗin koke: lambar rasit, rana, adadin kuɗin, hoton rasit, da cikakken sunanta harafi da harafi yadda yake a banki. Na nemi lambar koke, na ce su gyara sunan, kada su soke turawar, don farashin canji ya riga ya motsa.

Washegari da azahar alat ya shigo. Alhamdulillahi, na gode wa ƙanwata da ta yi sintirin banki.