Idan mota ta liƙe maka a baya: abin da sabon zuwa Ingila ya kamata ya sani kafin jarrabawar tuƙi

Ɗan uwa, in ka zo Ingila da lasisin gida, wata 12 kawai doka ta ba ka ka yi tuƙi da shi daga lokacin da ka zama mazaunin ƙasar, kuma na Najeriya baya cikin waɗanda ake musanyawa kai tsaye, dole sai ka zauna jarrabawa kamar wanda bai taɓa riƙe sitiyari ba. Ta farko a kwamfuta ake yi, hukumar DVSA ce ke shirya ta, tambaya 50 cikin minti 57 kuma sai ka ci 43, bayan nan ga ɓangaren bidiyo na hango hatsari wanda ake so ka samu 44 cikin 75. To cikin darussan da ake ciro tambayoyin akwai wanda zaka ga an rubuta masa Attitude, wato halin direba, kuma shi mutanenmu suka fi rainawa. Sai ka ji mutum yace ai wannan haƙuri ne kawai, wa zai koya min haƙuri, shekara goma ina tuƙi a Kano. Nima haka na ce. Amma ranar da na zauna yin gwaji na ga inda nake faɗuwa, kusan duk a nan ne, saboda hannuna ya riga ya saba da wani abu daban.

Bari in fara da tambayar da ta fi yawan fitowa ta fuskoki daban-daban. Kana tafiya cikin jerin motoci, wanda ke bayanka ya matso sosai har kamar zai hau maka but, me zaka yi? Amsoshin da ake jerowa yawanci irin su ne: ka ƙara wuta ka tsere masa, ka ɗan taɓa burki don jan fitilarka ta baya ta tsorata shi, ka kunna fitilun gargaɗi, ko ka rage gudu a hankali ka ƙara tazara tsakaninka da motar GABANKA. Ta ƙarshen ita ce daidai. Da farko abin bai shige ni ba, ya za'ai matsala tana baya a ce in gyara gaba? Malamin da ya koya min tuƙi a Birmingham ne ya warware min, yace tazarar bayanka ba a hannunka take ba, ta gabanka ce a hannunka. In na gaba ya taka burki kwatsam kuma kana da fili, kai a hankali zaka tsaya, shi na bayan sai ya samu lokacin ganin jan fitilarka ya tsaya shima. In ko ba ka da fili dole ka taka da ƙarfi, shikenan ya shigo maka. Kenan kai ne kake ajiye masa tazarar da ya ƙi ajiyewa, ba don ka so shi ba, don wuyanka da na yaran da ke kujerar baya.

Tazarar kuma da daƙiƙa ake auna ta. Ka zaɓi wani abu a gefen titi, allo ko turken fitila, in motar gaba ta wuce shi sai ka ƙirga, kada ka iso wurin kafin daƙiƙa 2. In ana ruwa, a nan ko kusan kullum titi a jiƙe yake, sai ka ninka ya zama 4. A gudun mil 30 a awa, wanda shine na yawancin titunan cikin gari a Ingila, littafin dokokin hanya na Highway Code ya sa mita 23 kafin mota ta tsaya cak, a mil 70 na babbar hanya kuma mita 96. Ka duba wannan sannan ka tuna wanda ya bar mita uku ko huɗu a bayanka.

Abin ya same ni a zahiri wata biyu bayan na ci jarrabawa. Da yamma ne lokacin sanyi, ƙarfe biyar amma gari ya yi duhu, ana yayyafi, na ɗauko yarinyata daga makarantar allo muna kan titi mai mil 30 kuma ina kan 30 ɗin daidai. Sai wata farar motar kaya ta liƙe min, na duba madubi ban ma ga lambarta ba saboda kusanci, fitilunta kawai suka cika min gilashi, yana ta walƙa min su. Wallahi na ji zuciyata ta taso, ƙafata har ta fara neman burki don in nuna masa, irin yadda muke yi. Abin da na yi shine na ɗaga ƙafa daga totur kaɗan, na bar motar gabana ta ƙara nisa har na ƙirga huɗu da ɗoriya, na daina kallon madubin kowane lokaci don na lura tun da ya matso idona ya bar titi ya koma kansa. Da na hango wuri a hagu inda babu layin hana tsayawa na sa sigina da wuri, na shiga na tsaya. Ya wuce da gudu yana ɗaga min hannu. Hannuna na rawa a kan sitiyari, na zauna kamar minti uku ina ta a'uzubillahi, yarinyar tace Baba lafiya, nace lafiya lau mamana, sannan muka tashi. A danjar gaba na tarar da shi a tsaye, mota biyu ce tsakaninmu.

Wannan tsayawar ba dabarata ba ce, a rubuce take. Doka ta 147 a Highway Code tace kada ka bari ranka ya ɓaci ko ka biye wa wanda ke rashin kyautawa a titi don hakan ƙara dagula lamarin yake, ka samu wuri ka tsaya, ka huce, in ka dawo hayyacinka ka ci gaba. A nan ne na gane dalilin da yasa haƙuri ya zama tambayar jarrabawa, ba wa'azi suke maka ba. Mai fushi yana ƙara gudu bai sani ba, yana matse na gabansa, yana kallon wanda ya ɓata masa rai maimakon ya kalli mai keke ko tsohuwar da ta sako ƙafa a titi. Suna so su ga ko ka san cewa fushi yana cinye tazara da hankali kamar yadda ruwan sama ke cinye burki. Shi yasa in ka ga amsa wadda a cikinta kake hukunta wani, ko koya masa hankali, ko rama abin da yayi maka, ka tsallake ta ko da ta yi maka daɗi. Wani ya fito maka daga kwana ba zato har sai da ka taka burki? Amsar ita ce ka rage gudu, ka bar masa fili, ka ƙyale kuskuren. Ba hon, ba walƙiya, ba bin sa a baya.

Maganar hon kuwa sai an yi da gaske, don mu a gida hon magana ce, da ita ake sallama, da ita ake cewa matsa, da ita ake kiran mai shago. A nan doka ta 112 tace amfaninta ɗaya, ka sanar da wani cewa kana wurin lokacin da motarka ke tafiya, kuma kada a danna ta da faɗa. An hana danna ta in kana tsaye a titi, an kuma hana a cikin unguwa daga 11.30 na dare zuwa 7 na safe, sai dai in wani na shirin jawo hatsari. Saboda haka in ka je ɗaukar aboki kira shi a waya bayan ka yi fakin, kar ka tsaya ƙofar gida kana ɗin-ɗin, maƙwabta ba zasu ce maka komai ba amma sun riƙe ka. Walƙa fitila ma haka, doka ta 110 tace ma'anarta kawai ina nan, ba a aika wani saƙo da ita kuma ba a tsorata mutane da ita.

Ga inda mai kirki ke faɗuwa kuma, wannan ya kamata a kula. Akwai ladabin da jarrabawa bata yarda da shi ba. Ka tsaya a wurin tsallakawar masu ƙafa, wannan mai zanen fari da baƙi, mutum na tsaye yana jira, sai ka ɗaga masa hannu ko ka walƙa masa fitila cewa bismillah wuce. A wurinmu mutunci ne. A nan kuskure ne, saboda kai ka tsaya amma ba ka da iko da motar da ke tahowa ta ɗaya hannun, in ya dogara da hannunka ya shiga aka buge shi fa? Ka tsaya kawai ka jira, shi zai duba ya yanke wa kansa, kuma kar ka dinga tayar da inji kana matsowa don ya yi sauri. Haka in wani ya walƙa maka a mahaɗa, zaka ga Turawan da kansu suna yi kullum, kada ka ɗauka izini ne, duba da idonka tukun.

Kuma haƙuri ba yana nufin na baya ya tura ka ka karya doka ba. In iyaka 30 ce ka zauna a 30 ko ya mutu da walƙiya, kyamara lambarka zata ɗauka ba tashi ba. In ya fito zai wuce ka, ka riƙe layinka da gudunka, in ya kama ka ɗan rage ya samu ya shige, kar ka taka wuta don ka hana shi. A babbar hanya kuma in ka gama wuce mota ka koma hannun hagu, zaman da ake yi a layin tsakiya na tunzura masu liƙe wa mutum, shi kansa zaman laifi ne. Tun 2013 ɗan sanda na iya yanka maka tarar fam 100 da makin laifi 3 a lasisi nan take kan liƙe wa mota ko kame layin tsakiya. Ka haɗa da wannan: sabon direba in ya tara maki 6 cikin shekara 2 da cin jarrabawa, lasisin ya tafi, sai ya koma ya sake jarrabawar kwamfuta da ta titi daga farko. Kenan fushi sau biyu, maki 3 da 3, ya isa ka rasa lasisi. Ga wanda yake kai kaya ko tasi da wannan lasisin yake ciyar da gida, nan da can, ka ga ba ƙaramin abu ba ne.

In abin ya wuce walƙiya, mutum ya fito daga mota ya nufo ka, kar ka fita. Kulle ƙofofi, ɗaga gilashi, kar ka haɗa ido da shi kuma kar ka mayar da zagi ko da ya taɓo launin fatarka, na san wannan da ciwo, na sani. In yana bin ka kada ka kai shi ƙofar gidanka, nufi gidan mai ko wani wuri mai jama'a da haske. In kana ganin zai cutar da kai kira 'yan sanda a 999, in ya riga ya wuce kana son kai rahoto kira 101. Ka sayi ƙaramar kyamarar nan ta gaban mota tun da wuri, 'yan sanda na karɓar bidiyonta, amma dan Allah kar ka ɗaga waya kana tuƙi don ka ɗauke shi, riƙe waya kaɗai maki 6 ne da fam 200, shi ya tafi gida kai ka rasa lasisi.